“Na Hana Su Gogewa, Amma Suna Gogewa”: Yadda Samba Ke Mayar da Izinin Windows Zuwa na Linux

Ofisoshi da makarantu da yawa na da kwamfuta guda da aka keɓe don ajiya, kowa yana shiga ta daga teburinsa ya ɗauki fayil ko ya ajiye. Ma'aikata suna kan Windows, ita kuwa ta ajiyar sau da yawa Linux ce ke kanta. Manhajar da ke haɗa su ita ce Samba, wadda Andrew Tridgell ya fara fitarwa a 1992 lokacin yana ɗalibi a Canberra ta ƙasar Ostareliya. Samba na sa kwamfutar Linux ta yi magana da Windows kamar ita ma Windows ce, har ma'aikaci ba zai gane bambanci ba.

Inda bambancin ke fitowa shi ne wajen izini: wa zai karanta, wa zai rubuta, wa zai goge. Mai kula da kwamfutoci ya buɗe shafin `Security`, ya tsara abin da yake so, ya danna `OK`, ba a nuna masa wani kuskure ba. Bayan kwana biyu sai a zo masa da ƙorafin cewa fayil ya ɓace, kuma wanda ya goge shi yana cikin waɗanda aka hana. Ba kutse aka yi ba, Samba kuma ba ta lalace ba. Abin da aka roƙa ne ba shi da wurin zama a inda aka kai shi.

Gurabe tara a nan, dogon jeri a can

Tsarin Unix, wanda Linux ta gada, mutane iri uku kawai ya sani game da kowane fayil: mai fayil ɗin, rukunin da aka jingina fayil ɗin gare shi, da sauran jama'a. Kowannensu ana iya ba shi abu uku: karantawa, `r`, rubutawa, `w`, da aiwatarwa, `x`. Uku sau uku, gurabe tara ke nan, shi ke nan. Ana kuma rubuta su da lamba: karantawa 4, rubutawa 2, aiwatarwa 1, a haɗa. Idan ka ga 640, mai fayil yana karantawa yana rubutawa, rukuni yana karantawa kawai, sauran jama'a ba su da komai.

A kan folda ma'anar haruffan takan sauya, kuma nan ne tushen labarinmu. `x` a kan folda izinin shiga ne. `w` kuwa izinin taɓa jerin sunayen da ke cikinta ne: ƙara suna, sauya suna, cire suna. A Unix gogewa ba izini ba ce mai zaman kanta. Goge fayil cire sunansa ne daga folda, don haka duk wanda ke iya ajiye fayil a folda yana iya goge wanda ya tarar, ko da ba nasa ba ne, ko da ba ya iya buɗe shi.

Windows ta bi wata hanya tun da NTFS ya fito tare da Windows NT a 1993. Kowane fayil yana ɗauke da jeri, kowane layi a jerin yana ambaton mutum ko rukuni, ya ce an yarda masa ko an hana shi, ya kuma faɗi me. Abubuwan da ake iya bayarwa sun haura goma: ƙirƙirar fayil daban, ƙari a ƙarshen fayil daban, gogewa daban, goge abin da ke cikin folda daban, sauya izini daban. `Modify` da `Full control` da ake gani a shafin farko tarin waɗannan ne aka ɗaure wuri guda.

Daga baya Linux ta sami nata jerin, wanda ake gani da `getfacl` a gyara da `setfacl`. Wannan ya ba da damar ambaton mutane da rukunai da yawa a kan fayil guda, kuma Samba na amfani da shi. Amma kowane layi a cikinsa har yanzu haruffan nan uku ne. An ƙara yawan mutanen da za a ambata, ba a ƙara yawan abin da za a ce game da su ba, kuma babu layin hani ko ɗaya.

To da haka Samba ke aiki. Mai fayil da rukuni takan nuna wa Windows su da sunayensu, sauran jama'a kuma ta nuna su a matsayin `Everyone`. Idan umarni ya zo daga Windows, sai ta matse dogon jerin ya shiga haruffa uku. Kamar wanda ya zo da awon sikeli ne wurin mai awo da mudu: babu rabin-rabi, ko a cika ko a bari. Kuma Samba cikawa take yi. Ko izinin ƙari a ƙarshen fayil kaɗai ka bayar, `w` cikakke za ta rubuta.

Foldar sakamakon jarrabawa

A ce makaranta ce. Akwai folda mai suna `sakamako`, jami'in jarrabawa ne mai ita, malamai kuma suna cikin rukunin `malamai`. Abin da ake so a bayyane yake: kowane malami ya ajiye makin ɗalibansa, ya iya duba na abokan aikinsa, amma kada ya goge na kowa. Mai kula da kwamfutoci ya shiga daga Windows, ya ba `malamai` izinin `Read & execute` da `Write`, ya bar `Modify` babu alama, tunda a cikin `Modify` ne izinin gogewa yake. Da a kan kwamfutar Windows foldar take, da an gama.

Ga abin da ya sauka a kan Linux, an taƙaita shi:

```
$ getfacl /srv/samba/sakamako
# owner: jamii
user::rwx
group:malamai:rwx
mask::rwx
other::---
default:group:malamai:rwx
```

Karantawa ta zama `r`, rubutawa ta zama `w`, shiga folda ya zama `x`. Hanin gogewa bai zama komai ba, domin babu gurbin da za a sa shi. Malamai sun sami `w` a kan folda, ke nan sun sami gogewa. Layin ƙarshe mai `default` shi ne gado: duk abin da aka ƙirƙira a ciki zai ɗauki wannan izini, don haka malami yana iya buɗe fayil ɗin wani ya sauya maki.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane an faɗa wannan rami, kuma mutane ba sa yi. Bayan danna `OK`, a rufe tagar gaba ɗaya a sake buɗewa. Yanzu Samba ba ta tuna abin da aka roƙa ba, abin da ke kan faifai take karantowa ta mayar. Ta tarar da `rwx`, mafi girman abin da Unix ke iya bayarwa, sai ta nuna shi a matsayin `Full control`, bisa saitin `acl map full control` wanda a kunne yake zuwa. Ka bayar da kaɗan, ka dawo ka ga an cike duka akwatunan. Wannan ita ce shaidar cewa abin da ka tsara bai zauna ba.

Layin hani ya fi wannan haɗari, domin shi mutum yakan kwana da tabbacin ya kulle ƙofa. A ce akwai malaman wucin-gadi, suna cikin `malamai`, an kuma sa su a wani rukuni `wucingadi`, aka yi wa rukunin `Deny` a kan rubutu. A Windows hanin da aka sa kai tsaye shi ake fara dubawa, kuma yana rinjayar yarda. Samba ba ta da inda za ta rubuta hani, sai ta yi ragi: ta ba `wucingadi` layi marar `w`. Amma ƙa'idar Linux ita ce, idan mutum yana cikin rukunai biyu da aka ambata, ɗaya ya ba shi abin da yake nema, ya samu. Layin `malamai` na nan da `rwx`, don haka malamin wucin-gadi yana rubutu abinsa. Hanin da aka yi wa mutum guda da sunansa ya fi tsira, saboda Linux na duba layin mutum kafin na rukuni, ta tsaya a nan. Na rukuni ne ke narkewa.

Hanya ta farko: a faɗi buƙatar da harshen Unix

Kafin a nemi wata dabara, yana da kyau a tambaya ko Unix na da nata maganin. A wannan matsala tana da shi, kuma tsoho ne. Bayan gurabe taran nan akwai wasu na musamman, biyu daga ciki suna mana amfani a kan folda. Mai lamba 1000 yana cewa: a cikin wannan folda ba mai goge fayil ko sauya masa suna sai mai fayil ɗin ko mai foldar. Da shi aka tsare `/tmp` a kan Linux. Mai lamba 2000 yana sa duk sabon fayil ya ɗauki rukunin foldar, maimakon rukunin wanda ya ajiye shi. A haɗa su da 770, a sami 3770.

```
setfacl -R -b /srv/samba/sakamako
chown jamii:malamai /srv/samba/sakamako
chmod 3770 /srv/samba/sakamako
```

Umarnin farko ya share jerin da Windows ta bari. Sai a `smb.conf`:

```
[sakamako]
    path = /srv/samba/sakamako
    read only = no
    valid users = @malamai
    create mask = 0640
```

`create mask` shi ne rufin izinin sabon fayil: duk abin da ba ya cikinsa ana yanke shi. Da 0640, wanda ya ajiye fayil shi ke gyara shi, abokan aiki karantawa kawai. Jami'in jarrabawa, wanda dole shi ma ya kasance cikin `malamai`, yana karanta na kowa ta hanyar rukuni, yana kuma iya goge na kowa domin shi ne mai foldar. Fayilolin da suka riga suka shiga sai an bi su an mai da su 640, saitin ba ya komawa baya.

Wannan ba daidai yake da abin da aka roƙa a Windows ba. Malami yana iya goge nasa. A ganina hakan ya fi, ga dalili: hana gogewa kwata-kwata yana karya aikin yau da kullum ko a kan Windows zalla. Sauya suna a Windows yana buƙatar izinin gogewa, don haka malami zai ƙirƙiri folda ta tsaya a `New folder` ya kasa raɗa mata suna. Word da Excel kuma idan za su adana gyara, sukan rubuta sabon fayil na wucin-gadi ne su maye gurbin tsohon da shi. Babu izinin gogewa, adanawa ta gagara, folda ta cika da tarkacen fayiloli masu baƙin suna. Yawancin masu cewa kada a goge, abin da suke nufi shi ne kada wani ya goge na wani, kuma wannan 3770 ta biya shi.

Sharaɗin wannan hanya ɗaya ne: daga yau ba a taɓa izinin foldar daga shafin `Security`. Linux ce ke da magana.

Hanya ta biyu: Samba ta riƙe jerin Windows yadda yake

Wani wurin gurabe tara ba za su ishe shi ba. Akwai sassa da yawa, akwai Active Directory, akwai masu binciken kuɗi da dole su gani ba su taɓa ba, kuma masu kula da tsarin Windows suka iya. A nan Samba na da ƙarin sashe mai suna `acl_xattr`:

```
    vfs objects = acl_xattr
    map acl inherit = yes
```

Da wannan, idan aka danna `OK`, Samba takan yi abu biyu. Ta adana jerin Windows cikakke, da hani da gado da izinin gogewa, a wani ƙarin bayani da ake liƙa wa fayil mai suna `security.NTACL`. Sannan ta rubuta matsattsen nan mai haruffa uku a kan Linux kamar da. Mai shigowa daga Windows, da cikakken jerin ake auna shi. Hanin `wucingadi` ya yi aiki, ka rufe taga ka buɗe ka tarar da abin da ka tsara.

Sai dai fa a san iyakarsa. Samba ce kaɗai ke karanta `security.NTACL`. Linux kanta ba ta san ma'anarsa ba. Malamin da ke da asusun shiga kwamfutar ajiyar kai tsaye ta `ssh`, ko wata kwamfuta da ke ɗaukar foldar ta NFS, `rwx` ɗin nan suke gani, kuma za su goge abin da Windows ta hana. Haka nan ta ɗaya gefen: Samba tana taɓa faifai ne da sunan wanda ya shigo, don haka idan izinin Linux ya fi tsauri, sai ka ga Windows ta ce an yarda amma ana ta samun `Access denied`.

Babban tarkon shi ne `chmod`. Lokacin adana jerin Windows, Samba takan haɗa da wata lambar shaida da ta lissafo daga izinin Linux na wannan lokacin. Duk sanda za ta yi amfani da jerin sai ta sake lissafi ta gwada. Idan bai dace ba, sai ta ɗauka wani ya sauya izini daga Linux da gangan, ta yi watsi da jerin da ta adana, ta koma fassara daga haruffa uku. Hikimar a fili take: kada ta ci gaba da nuna tsohon labari. Amma dubi abin da hakan ke haifarwa. Wani ya kawo ƙorafin fayil ya ƙi buɗuwa, mai kula da kwamfuta yana sauri ya buga `chmod -R 770` a kan foldar duka. Duk fayil ɗin da izininsa ya motsa ya rasa jerinsa na Windows a aikace, ba gargaɗi, ba saƙo. Alamar ita ce layukan `Deny` sun ɓace daga shafin `Security`, wani lokaci sunaye irin `Unix User\root` su bayyana. Gyara shi ne a sake ɗora izinin daga Windows tun daga babbar folda, a tura shi ƙasa.

Ko babu `acl_xattr`, `chmod` na da wata illa a kan fayil mai jeri, wato wanda `ls -l` ke nuna alamar `+` a ƙarshen izininsa. Lambar tsakiya a nan ba rukuni take sauyawa ba, layin `mask` take sauyawa, shi kuwa rufi ne a kan dukkan mutane da rukunan da aka ambata. `chmod 750` zai sauke shi zuwa `r-x`, kowa in ban da mai fayil ya rasa rubutu lokaci guda. `getfacl` zai nuna `rwx` na nan, amma a gefensa an rubuta `#effective:r-x`. Na gefen shi ne gaskiya.

Akwai saitin da ke raba gardamar gaba ɗaya, `acl_xattr:ignore system acls = yes`. Da shi Samba ta daina fassara, ta daina gwada lambar shaida, jerin Windows kaɗai take bi. Farashinsa kuwa, sabbin fayiloli suna sauka a kan Linux da 666, folda da 777, wato a buɗe ga duk mai asusu a kan kwamfutar. Ya dace da kwamfutar da ba mai shiga ta sai ta Samba. Inda malamai ko wata manhaja ke taɓa fayilolin kai tsaye, kada a kusance shi.

Kwafin ko-ta-kwana ma sai an kula. `rsync -a` kaɗai ba ya ɗaukar jerin Linux, ba ya ɗaukar `security.NTACL`. Sai an ƙara `-A` da `-X`, kuma a matsayin `root`, domin asusu na gama-gari ba ya iya rubuta wannan bayani. Wanda bai yi haka ba, ranar da faifai ya mutu zai dawo da fayilolinsa lafiya lau, jerin izini kuwa babu ko ɗaya.

Gwajin da ba ya ƙarya

Kowace hanya aka ɗauka, kada a yarda da abin da taga ta nuna nan take. A duba ta fuska biyu: `getfacl` ya faɗi abin da Linux ta sani, `smbcacls` ya faɗi abin da Samba ke gaya wa Windows.

```
getfacl /srv/samba/sakamako
smbcacls //ajiya/sakamako / -U jamii
```

Sannan a yi gwajin da ya fi su duka. A buɗe asusun gwaji biyu a cikin `malamai`. Na farko ya ajiye fayil na Excel, ya gyara, ya adana. Na biyu ya shiga daga wata kwamfuta ya gwada buɗe shi, ya gwada sauya maki, ya gwada sauya masa suna, ya gwada gogewa. A fita a sake shiga idan an sauya wa mutum rukuni, domin Samba takan ɗauki rukunan mutum ne a lokacin da ya shiga. Kada a yi gwajin da asusun mai kula da tsarin, shi kusan komai a buɗe yake masa.

Hukuncina shi ne kowace folda da aka raba ta sami shugaba ɗaya. Ƙaramin ofis ko makaranta mai rukunai biyu ko uku, gurabe tara da 3770 sun ishe su, kuma duk wanda ya gaji aikin zai fahimce su da kallo ɗaya. Wurin da ke buƙatar hani da gado mai rassa ya kunna `acl_xattr`, ya riƙa sauya izini daga Windows kaɗai, ya hana kowa buga `chmod` a wannan folda. Abin da ke jawo ɓatan fayiloli shi ne haɗa biyun, yau daga nan gobe daga can. Mai karatu, idan kai ke riƙe da irin wannan kwamfuta, rubuta wanda ka zaɓa a saman kowane sashe na `smb.conf`, sannan ka yi gwajin asusu biyun nan kafin a fara zuba sakamakon zangon da ke tafe.